Wanda Ya Ce Kada a Faɗi Sunansa

A ɗan ofishin da suke haɗa labarai a Agege, saman shagon wani mai sayar da katifu, kowa ya san Halima Sa'adiya ba ta riƙe biro. Shugabansu Malam Ladan, tsohon ɗan rediyo, yana da durowa shaƙe da littattafai da kasakasai waɗanda kyankyasai suka daɗe da mayarwa gidan gado. Ita kuwa duk aikinta a waya yake. Tana da manhajar nan ta AI da ake yi wa magana ta ba da amsa, har ta raɗa mata suna Sakatare. In ta gama hira da mutum sai ta haye danfo, ƙaramar motar hayar Legas, ta kanga wayar a baki, ta zayyana wa Sakatare duk abin da aka faɗa mata, da Turancinta na 'yar Legas mai gauraye da Hausa. Kafin ta sauka ya jera mata komai tsaf.

"Oga, littattafan nan naka sai gidan tarihi," takan ce.

Shi kuma ya ce Allah ya shirye ta, ya ci gaba da neman tabaraunsa.

Ba laifi, ta iya aiki. Labaransu na murya ne, ana turawa a WhatsApp, domin masu saurarensu 'yan dako ne da masu gadi da 'yan okada, mutanen da sun fi son a faɗa musu da a ba su su karanta. Kuma ita ce kaɗai a ofishin take iya zama kan bencin mai shayi cikin maza har su manta mace ce su saki baki.

Haka ta samo labarin wani sito a Ijora. Da safe ana karɓe wayoyin 'yan dako a ƙofa, su shiga, a danna musu kwaɗo ta waje, wai don kada a yi sata. Wata rana jerin buhuna ya rufto kan wani mai suna Sanda, mai makulli kuma ya shiga gari. Yana kwance da karyayyen ƙugu, 'yan uwansa na dukan ƙofa, har la'asar ta yi sanyi. Mutane da yawa sun ba ta labarin, cikin makonni, a ƙarƙashin gada. Amma babu wanda ya yarda ta ɗauki muryarsa, kuma da wani ya ga ta taɓa jakarta sai da ya miƙe tsaye.

Mutum biyu ne suka fi kowa ba ta bayani, kuma tare ta same su kan bencin mai shayi ranar wata Lahadi. Ƙasimu ɗan ci-rani ne daga wajen Gumel. Amadou kuwa daga wani ƙauye yake kusa da Maraɗi. Dukansu dogaye ne, dukansu da rawanin tsumma a wuya, kuma suna karɓe magana daga bakin juna.

Ƙasimu ya ce, "Ni ki faɗi sunana, Malama, har na ubana. Ruwan farko na sauka na tafi gida, kuma ni da Ikko har abada."

Amadou ya matso, ya rage murya. "Ni dai don Allah, Hajiya, kada sunana shi hito. Iyalina na kawo, muna ɗakin da patoron, maigidanmu, ya ba mu a bayan siton. In ya ji, mun shiga uku."

Ta ce ya kwantar da hankalinsa. Ta ɗaga wayar ta nuna masa, ta ce duk abin da suka faɗa yanzu za ta sa shi a nan, ba abin da zai ɓata. A danfo kuma ta faɗa wa Sakatare daidai yadda aka yi: Ƙasimu ya yarda, Amadou ya roƙa a ɓoye shi. A daren ba ta yi kuskuren komai ba, wannan kam a ba ta haƙƙinta. Ta rubuta rahoton ta ajiye, tana kiransu ɗan dako na farko da ɗan dako na biyu, kafin a yanke shawara.

Sai labarin ya kwanta. Malam Ladan ya ce sai an ji ta bakin masu siton, su kuma kullum manaja ya fita. Azumi ya shigo. Bayan salla mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ita ce jinya. A tsakanin nan aka tare wani abokin aikinsu a hanya aka tilasta shi buɗe wayarsa, aka yi ta karanta saƙonninsa. Hankalin Sa'adiya ya tashi, ta tuna mutanen da ta yi wa alkawari. Ta zauna ta goge duk tsoffin hirarrakinta da Sakatare, kaf. Da ta gama sai ta tuna duk bayanan siton suna ciki, ta buɗe sabon shafi ta tambaye shi ko yana tune da Ijora.

Ya ce ƙwarai: sito, kwaɗo, Sanda, Amadou da Ƙasimu.

Ta yi ajiyar zuciya, har da yi masa kirari. Abin da ba ta tsaya ta duba ba shi ne, ba hirar yake tunawa ba. Manhajar tana tsintar 'yan bayanai daga abin da aka faɗa mata ta adana a gefe, gajeru, kuma ita take zaɓar abin da za ta tsinta. Hirar kanta ta tafi. Abin da ya rage bai wuce abin da maƙwabci zai riƙe ba in ya ji labari ta kan katanga.

Damina ta kankama lokacin da Malam Ladan ya ce an gaji da jira, a saki rahoton. Ya saurari rahoton har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Sa'adiya, na farko, na biyu, wani, wata majiya. Aljanu kika yi hira da su? Ba kin ce ɗaya ya yarda a faɗi sunansa ba?"

"Ya yarda, Oga."

"Wanne?"

Ta buɗe baki, sai ta ji wayam. Tana ganin benci, tana ganin kofunan shayi, tana jin muryar da ke cewa har na ubana. Amma fuskokin biyu sun narke sun zama ɗaya, kuma bayansu ta yi hira da mutum nawa, ta kwana nawa a kan tabarmar asibiti. Ta san ɗaya zai tafi gida, ɗaya yana da mata. Ta ce wa Malam Ladan minti ɗaya, ta ɗauko waya.

Amsar Sakatare ba ta da gargada ko kaɗan. Ya ce Amadou ne ya amince a ambaci sunansa, domin yana shirin komawa Nijar da damina, Ƙasimu kuwa ya nemi a sakaya shi. Ya faɗa a nutse, da irin muryar da yake faɗa mata komai, wadda ba ta bambanta abin da ya sani da abin da ya ƙiyasta.

Duk da haka ta ce bari ta kira su. Ta kira Amadou, a kashe. Ta sake kira da azahar, a kashe. To, kowa a Agege ya san ma'anar wayar ɗan ci-rani a kashe cikin damina: yana gona, inda sai an hau tudu ake samun layi. Ta manta da abin da ita da kanta ta rubuta a rahoton, cewa ana karɓe wayoyinsu a ƙofa. Ta kira lambar Ƙasimu, nan take aka ɗauka, tana jin kwandasta na ihun "Oyingbo! Oyingbo!" a bayansa. Wani namiji ya ce, "Ba ya nan," ya kashe. Ɗan ɗakinsu ne, wanda Ƙasimu ya bar wa wayar da zai tafi, kuma ba ya ba baƙuwar mace bayanin kowa. Ita kuwa ta ji hayaniyar Legas, ta ce ai shi ke nan, Ƙasimu yana gari.

Da yamma rahoton ya fita, da muryarta mai daɗi: "Amadou, ɗan asalin Maraɗi, wanda yake cikin siton a ranar, ya shaida mana cewa..."

Ba su taɓa yin rahoton da ya yi farin jini irin na wannan ba. Daga Agege ya kai Mushin, ya kai Apapa, har daga Kano aka turo mata shi ana tambaya ko ta ji. Malam Ladan ya sayo wa ofis tsire.

Kwana biyu bayan haka wayarta ta yi ƙara tana cikin alwala. Amadou ne. Ta ɗauka da fara'a, tana shirin tambayarsa ya ruwa, ya shuka.

"Hajiya," ya ce, "mi na yi miki?"

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ya ce an kunna wa manaja rahoton a gabansa. An ba shi zuwa la'asar ya kwashe kayansa daga ɗakin. Ya zaga situna uku a Ijora, duk inda ya je sun riga sun ji sunan, masu gadi ma ba su bari ya ƙarasa ƙofa. 'Yan uwansa 'yan dako kuma sun juya masa baya, domin an ce za a sallami duk wanda aka gani tare da shi. Matarsa Haoua da 'yarsu Mouna suna zaune kan ƙullin kaya a rumfar wani mai gyaran taya.

"Amma ba kai ne za ka koma gida ba?" Ita kanta ta ji rashin kunyar tambayar tun kafin ta gama fita.

"Ƙasimu kenan. Shi ya tahi tun ruwan hwari."

Da ya kashe, ta zauna a bakin rijiya da ruwan alwala a fuska, ta buɗe Sakatare. Ta rubuta masa cewa Ƙasimu ne ya yarda, ba Amadou ba. Nan da nan ya ba ta haƙuri, ya ce ta yi gaskiya, Ƙasimu ne. Saurin yardar ya ba ta tsoro fiye da kuskuren. Ta ce ya kawo mata ainihin maganar da ta faɗa masa ranar. Ya ce ba ya iya ganin waccan hirar, abin da yake da shi ɗan taƙaitaccen bayani ne, kuma bai kamata ya ba ta amsa kamar yana da tabbaci ba. Ta shiga inda manhajar ke nuna abubuwan da ta adana. Ga shi nan, layi guda: tana aiki kan rahoton wani sito a Ijora, majiyoyinta Amadou daga Nijar da Ƙasimu, ɗaya ya yarda a ambaci sunansa saboda zai koma gida. Ɗaya. Sauran shi ya cike da abin da ya ga ya fi kama da gaskiya.

Ta so ta yi jifa da wayar, amma wa za ta jefa? Ba shi da fuskar da za a tofa wa yawu, kuma ko yanzu tambayarta yake ko akwai abin da zai taimaka mata da shi.

Sun cire sunan daga shafinsu a ranar. Bai yi amfanin komai ba, domin muryar tana cikin dubban wayoyi, kowa na tura wa kowa. Malam Ladan bai ce mata ai na faɗa miki ba. Da ma ya faɗa, da ta samu wanda za ta yi wa fushi. Sai kawai ya tsufa a gabanta.

Ta kira ƙawarta Mufida, lauya, wadda suka yi firamare tare a Agege. Ta ce a taimaki Amadou, a kai masu siton ƙara, a yi wani abu.

"Tsaya tukuna, babe," in ji Mufida. "Yana da takardar ɗaukar aiki?"

"Ɗan dako ne, Mufida."

"To. Ke me kike da shi a hannu? Murya? Rubutu mai kwanan wata? Ko hoton hirar da kika yi da abin naki kafin ki goge?"

"Na goge ne don in kare su."

"Na sani. Amma da sai ki kwafe ki kai gida ki kulle, sannan ki goge na waya. Ni duk maganar da na yi da wanda nake karewa, ko a waya ko a saƙo, a ranar nake rubuta ta in sa a fayil. Abeg, in lauyansu ya ce ƙirƙira kika yi, me za ki nuna? Ki ce inji ya ce? Injin da ya riga ya ba ki amsa biyu?"

Haka kuwa aka yi. Takardar lauyan masu siton ta iso ofis, tana cewa rahoton ƙage ne, a janye ko a haɗu a kotu. Ƙasimu yana gona babu waya. An mayar da Sanda ƙauyensu wajen mai ɗori. Sauran 'yan dakon sun ga abin da ya samu Amadou, ko sallamarta ba su amsawa. Malam Ladan ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce ba su da ƙarfin shari'a. Aka sauke rahoton gaba ɗaya. Kwaɗon siton yana nan inda yake, mutum ɗaya kawai aka fitar.

Ta yi ta buga waya tana nema wa Amadou aiki. Wani alhaji mai gidan burodi ya ce a turo shi, da ya ji sunan sai ya ce a bari sai bayan damina. Wani ya ce yana son mai gadi amma ba mai iyali ba. Ta ce wa Amadou su zo gidan iyayenta su zauna kafin a ga abin da Allah zai yi, Amadou ya ce Haoua ta rantse ba za ta taka gidan ba.

Shi ya kira ta ranar da za su tafi, ya ce in da hali ta zo tashar Iddo, akwai abin da yake roƙo. Ta same su a gefen wata tirela da ta sauke shanu za ta koma arewa, an shimfiɗa buhuna a ciki don fasinja. An yi ruwa da safe, tashar duk caɓi. Ya rame, kuma yanzu da ta gan shi shi kaɗai ta rasa yadda aka yi ta taɓa haɗa fuskarsa da ta wani. Ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ya wuce, Hajiya. Haka Allah ya rubuta. Abu guda nika so." Ya waiwaya wajen matarsa, wadda ke zaune kan ƙullin kaya ta juya musu baya, yarinyar na barci a cinyarta. "Tun ranar ba ta yi mini magana ba. Cewa take ni na bada sunana don a ji ni a rediyo, na zaɓi suna na bar su a titi. Na rantse mata, ba ta yarda ba. In mun isa gida haka za ta hwaɗa ma iyayenta. Ke kin ce duk abin da muka hwaɗi kin sa shi cikin waya. Ki buɗe mata ta ji."

Sa'adiya ta dubi wayar da ke hannunta. Ta ce masa babu. Ta yi ƙoƙarin yi masa bayanin gogewa da adanawa, ta ga yana kallon bakinta kawai, sai ta bari.

"To ki hwaɗa mata da bakinki," ya ce.

Ta tsallaka caɓin, ta durƙusa a gaban Haoua har zanenta na taɓa ruwa. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ta shekaru ba, idanunta sun bushe ƙaf.

"'Yar uwa, laifina ne. Mijinki bai ce a faɗi sunansa ba. Roƙona ya yi in ɓoye."

Haoua ta dube ta a karo na farko, ta daɗe tana dubanta.

"Shi ya ce ki zo ki hwaɗi haka."

"Gaskiya ce."

"To ki ce wallahi kina tune da sa'ad da ya hwaɗa miki. Da kunnenki, shi, ba ɗayan ba."

Kalma ɗaya ce, kuma Sa'adiya ta san maganar gaskiya ce, ba ta da shakka ko ɗaya. Ta laluba cikin kanta da dukan ƙarfinta, ta nemo bencin, ta nemo muryar da aka rage, ta nemi fuskar da ke bayan muryar. Ba ta same ta ba. Da ta tuna, da ba su zo nan ba. Ta buɗe baki za ta rantse duk da haka, sunan Allah ya tsaya mata a maƙogwaro, na ɗan lokacin da bai wuce numfashi biyu ba.

Haoua ta gani. Ta gyaɗa kai a hankali, ta saɓa 'yarta a kafaɗa, ta miƙe.

"Wallahi," in ji Sa'adiya, "wallahi ya faɗa."

Amma Haoua ta riga ta nufi tirelar. Amadou ya miƙa hannu zai karɓi yarinyar don ta samu ta hau, ta kauce masa, ta miƙa ta ga wani baƙo da ke sama.